Yadda Ake Gyara Amsar Ƙorafin Kwastoma a Google Kafin a Tura Ta

Duk mai gidan abinci, ko shagon ɗinki, ko masaukin baƙi a Kaduna, matuƙar kasuwancinsa ya hau taswirar Google, wata rana zai wayi gari ya tarar an ba shi tauraro ɗaya cikin biyar, ga dogon ƙorafi a ƙasa. Amsar da ke fara zuwa wa mutum a irin wannan lokaci doguwa ce, cike da hujjoji, kuma ita ce wadda bai kamata a tura ba. Na daɗe ina gyara wa masu ƙananan sana'o'i irin waɗannan amsoshi, kuma abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: mai ƙorafin mutum ɗaya ne, ya riga ya faɗi tasa. Wanda zai fi karanta amsarka shi ne baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa na Abuja a tashar Rigasa, ya ciro waya yana neman inda zai ci abinci ko ya kwana. Bai san ka ba, bai san mai ƙorafin ba, ba shi da lokacin yin alƙalanci a tsakaninku. Abin da yake dubawa shi ne yadda za ka yi da shi idan nasa abin ya ɓaci.

Abin da za ka tanada

Na farko, ikon shiga shafin kasuwancinka na Google Business Profile. Sai wanda Google ya tabbatar da shi a matsayin mai wurin, ko wanda mai wurin ya naɗa manaja a shafin, ke iya amsawa da sunan kasuwancin. In ba ka riga ka yi wannan tabbatarwa ba, fara da ita, domin takan ɗauki kwanaki. Kada ka ce za ka yi gajeriyar hanya ka rubuta wa kanka sharhin taurari biyar ka saka amsar a ciki. Ƙa'idar Google ta hana, masu karatu kuma suna ganewa.

Na biyu, littafin oda ko rasit, da saƙonnin WhatsApp da alat na ranar da abin ya faru. Na uku, wurin rubutu da ba shi da maɓallin turawa: takarda da biro, ko manhajar ajiye rubutu ta waya. Na huɗu, wani mutum da ba ma'aikacinka ba, wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya. In babu shi, na'urar ɗaukar murya ta wayarka za ta wadatar. Zan faɗi yadda ake yi a gaba.

Misalin da za mu bi

Mu ƙaddara gidan abinci ne a Barnawa da ke karɓar odar taro. Wata mata ta ba da tauraro ɗaya, ta rubuta:

> Na yi odar abinci roba 40 domin sunan jaririn ƙanwata a Malali. Aka ce ƙarfe 1:00 zai iso, bai zo ba sai 3:30, baƙi duk sun watse. Na yi ta kira ba a ɗauka ba. Shinkafar ma ta huce. Ni dai ba zan ƙara ba, jama'a a yi hattara.

Mai gidan abincin ya karanta da dare, ransa ya ɓaci, ya rubuta wannan:

> Salam Hajiya. Gaskiya mun yi mamakin ganin wannan rubutu naki. Shekara da shekaru muna wannan sana'a, babu wanda ya taɓa yi mana irin wannan ƙorafi. Ki tuna ke ce ba ki turo kafin alƙalami ba sai ƙarfe 10:00 na safiyar ranar, alhali ƙa'idarmu a biya tun ana gobe. Kuma kowa ya ga ruwan saman da aka yi, ga cunkoso a hanya, ɗan aikenmu ya yi iya ƙoƙarinsa. Muna ba da haƙuri idan ranki ya ɓaci, amma da kin nemi manaja da an warware komai, ba sai kin zo nan kin ɓata mana suna ba. Mun bar wa Allah.

Kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ta makara wajen biya, an yi ruwa, hanya ta cunkushe. Duk da haka wannan amsa ta fi ƙorafin yi masa ɓarna. Ga yadda za a gyara ta.

1. Rubuta mai zafin, ka ajiye ta, ka je ka bincika

Ba na hana mutum rubuta amsar fushi. Rubuta ta a takarda, ta fita daga cikinka, ka bar ta ta kwana. Da safe sai ka buɗe littafin oda, ka duba saƙonni, ka tambayi mai girki da ɗan aike da wanda ke riƙe da waya ranar, kowa shi kaɗai. Tambaya uku kake so a amsa maka: wane lokaci aka yi wa matar alkawari, wane lokaci abincin ya bar kicin, kuma kira nawa aka rasa.

A misalinmu, a ce bincike ya nuna bayan ta biya ƙarfe 10:00 an rubuta mata "ba damuwa, 1:00 zai iso", abincin bai bar Barnawa ba sai ƙarfe 2:30, wayar kuma tana caji a kanta babu kowa kusa. Ka ga ruwan sama bai taka wata rawa sosai ba. Abincin ya riga ya makara tun bai hau babur ba.

Jiran nan kwana ɗaya ne ko biyu. Idan ya kai makonni, baƙi sun riga sun yi ta karanta ƙorafin ba amsa a ƙasansa.

2. Tsamo ainihin abin da ya yi mata ciwo

Ja layi a ƙarƙashin kowane abu da ta ce ya faru, ka bar kalaman fushi. Abu uku ne a nan: jinkirin awa biyu da rabi, kiran da ba a ɗauka ba, da shinkafar da ta huce. Sai ka sake karantawa ka nemi wanda ya fi nauyi. Yana cikin kalma huɗu: "baƙi duk sun watse". Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin abincin suna ko walima ya san abin da wannan ke nufi. Mata sun cika gida, dangin miji suna zaune, ana ta tambayarta ina abinci, ita kuma tana bakin ƙofa da waya a kunne. Kunyar nan ce ta sa ta rubutu. Amsar da ta yi magana a kan shinkafa ta tsallake kunyar, matar za ta ji kamar ba a karanta abin da ta rubuta ba.

3. Soke jimlolin kare kai ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin yake, don haka mu bi tsohuwar amsar a hankali da biro a hannu.

"Mun yi mamakin ganin wannan rubutu naki." Soke. Mamaki yana nufin ba ka yarda abin ya faru ba, ko kuma ya faru ba ka sani ba. Duka biyun ba su yi maka kyau ba.

"Babu wanda ya taɓa yi mana irin wannan ƙorafi." Soke. A kunnen matar, wannan cewa ne ita ce mai matsala. Baƙon da ke karatu kuma zai iya gangarawa ƙasa, in ya ci karo da wani ƙorafin jinkiri ko na bara ne, ya kama ka da ƙarya. Shekarunka a sana'a da yabon da ake maka suna nan a sauran sharhin, kowa na gani, ba sai ka faɗa da bakinka ba.

Maganar kafin alƙalami ita ce masu kasuwanci suka fi jin ciwon sokewa, domin suna ganin ita ce hujjarsu mafi ƙarfi. Amma duba yadda abin ya gudana. Ta biya ƙarfe 10:00, kana da damar cewa lokaci ya ƙure, ko ka ce sai ƙarfe 3:00 za a iya. Ba ka ce ba. Ka karɓi kuɗin, ka sake jaddada mata ƙarfe 1:00. Daga wannan lokaci alkawarin ya zama naka. Akwai kuma wani dalili na daban: lokacin da mutum ya biya, nawa ya biya, ya nemi ragi ko ya ci bashi, adireshinsa, duk sirrinsa ne da ya ba ka saboda ciniki. Najeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, amma ko babu doka, mai karatu da ya ga ka tona yadda wata ta biya ya san shi ma haka za ka yi masa. Ga masu kyamis da ɗakunan shan magani abin ya fi tsanani: kada ma ka tabbatar a fili cewa wane ya zo, balle abin da ya kawo shi.

Ruwan sama da cunkoso, soke su. Mutumin Kaduna ya san damina, ya san yadda hanya ke cika idan za a haye gadar kogi daga kudancin gari zuwa arewaci. Tunda kowa ya sani, kai ma ka sani tun kafin ka yi alkawari. Ana barin dalili a cikin amsa ne kawai idan gajere ne, naka ne, kuma yana tare da gyaran da ka yi. "Wayar tana caji babu kowa kusa, yanzu mun sa mai riƙe ta" dalili ne da zai iya zama. "An yi ruwa" ba ka da gyaransa, don haka uzuri ne kawai. Kada kuma ka jefa laifin kan yaronka, ka ce ɗan aike ne ya yi sakaci. Kai ka ɗauke shi aiki, kai ka aike shi.

Sai jimlar ban haƙurin, wadda ƙananan kalmomi biyu suka lalata. "Idan ranki ya ɓaci" yana sa shakka a kan abin da ta riga ta faɗa ƙarara. Ranta ya ɓaci, shi ya sa ta ba da tauraro ɗaya. "Amma" kuwa tana goge duk abin da ya gabace ta, mai karatu ba ya riƙe komai sai abin da ya biyo baya. Ka bi daftarinka ka nemo kowace "amma", "sai dai", "duk da haka", "kamar yadda kika sani", "da kin", ka gwada yanke jimlar daga nan zuwa ƙarshe. Yawanci abin da ya rage ya fi kyau. Ita "da kin nemi manaja" ma ta fi muni a nan, domin matar ta ce ta yi ta kira.

"Kin ɓata mana suna" da "mun bar wa Allah" ba sa buƙatar dogon bayani. A wurinmu wanda aka zalunta ne ke bar wa Allah, saboda haka jimlar tana kiran kwastoma azzaluma cikin ladabi. Addu'ar alheri ba laifi ba ce a amsa. Wadda ake jifa da ita ce ba a so.

In ka gama sokewa za ka ga abin da ya rage bai wuce gaisuwa da "muna ba da haƙuri" ba. Haka ya kamata ya kasance.

4. Sake ginawa da 'yan jimloli kaɗan

Tsarin da nake bi shi ne: faɗi abin da ya faru da kalmomin mai ƙorafin, karɓi laifin ka ba da haƙuri sau ɗaya, faɗi abu ɗaya da ka canza, sannan ka buɗe hanyar magana a keɓe. Ga yadda tamu ta koma:

> Sannu Hajiya. Mun yi miki alkawarin ƙarfe 1:00, abinci bai iso ba sai 3:30, kika yi ta kira ba a ɗauka ba. Laifinmu ne, kuma mun san kunyar da muka jawo miki a gaban baƙinki. Ki yi haƙuri. Yanzu duk ranar da muke da odar taro, akwai mutum ɗaya da riƙe waya ne kawai aikinsa. Zan kira ki yau bayan la'asar a lambar da kika yi oda da ita. Ni ne mai gidan abincin.

Lura da lokutan da aka maimaita. Su ne shaidar cewa mutum ne ya zauna ya karanta, domin amsar da aka kwafo ba za ta san ƙarfe 3:30 ba. Shinkafar da ta huce ba a ambace ta ba, tunda jinkirin ne ya haife ta. Ba dole ba ne a amsa kowane layi. Haƙurin sau ɗaya ne. Wanda ya jera "a yi haƙuri, a gafarce mu, don Allah a yafe mana" yana mai da hankalin mai karatu kan damuwarsa shi, har matar ta ji kamar ita ce za ta lallashe shi.

Gargaɗi a kan jimlar gyara: kada ka rubuta abin da ba ka yi ba. In ba ka sa mai riƙe waya ba, sa shi tukuna, ko ka cire jimlar baki ɗaya. Amsar za ta daɗe a shafin, kuma wanda ya kira wata mai zuwa ba a ɗauka ba zai iya kafa maka hujja da ita. "Za mu duba lamarin" ba gyara ba ce. Haka kuma kada ka yi tayin mayar da kuɗi ko abinci kyauta a fili. Yi shi a waya in ya cancanta. Idan ka rubuta a shafin, ka koya wa masu neman na banza hanyar samu.

Tsawon kada ya wuce kalma 60 zuwa 80. A fuskar waya dogon rubutu yankewa ake yi, sai an danna kafin a ga sauran, saboda haka karɓar laifin ya zo a layukan farko.

5. Karanta da ƙarfi ka cire muryar ofis

Wasu da suka guje wa kare kai sai su faɗa wani ramin, su rubuta irin su "Ya kai kwastomanmu mai daraja, gamsuwarka ita ce babban burinmu, muna matuƙar godiya da ra'ayinka mai muhimmanci." Babu faɗa a ciki, amma babu mutum. Ta yi kama da muryar da ke amsa maka idan ka kira kamfanin waya.

Gwajin mai sauƙi ne. Karanta wa mutumin nan da ka tanada, ko ka ɗauki muryarka ka saurara. Duk jimlar da ba za ka iya faɗa wa matar ba da tana tsaye a bakin kanta, sauya ta da wadda za ka faɗa. Ka kuma tambayi mai sauraron abu ɗaya: a ina ka ji ina kare kaina? Inda ya nuna, kada ka yi masa gardama, ka yanke.

Kaduna gari ne na kowa da kowa, don haka ka amsa da harshen da aka yi maka ƙorafi. Wanda ya rubuta da Turanci, a amsa masa da Turanci mai sauƙi a kan wannan tsari. Kada ka laƙaba wa kowa Alhaji ko Hajiya. Mun sa a misalinmu ne domin mai gidan ya san ta, kuma haka yake kiranta. In ba ka san mutum ba, Malam ko Malama, ko sunan da ya bayyana a kan sharhin, ya isa. In sunan bai nuna namiji ne ko mace ba, yi amfani da "ku". Sunansa na gaskiya da ka sani daga rasit, wanda shi bai sa a shafin ba, kada ka fito da shi.

6. Tura ta, sannan ka cika alkawarin

Shiga da asusun da ke riƙe da kasuwancin, buɗe shafinka a Google Maps ko ka nemi sunan kasuwancin a Google, shiga wajen sharhi, danna `Reply` a ƙarƙashin ƙorafin, ka manna abin da ka rubuta. Amsar tana fitowa da sunan kasuwancin kowa ya gani, ana kuma sanar da mai ƙorafin. In ka riga ka tura mai zafin tun jiya, ba a makara ba: ana iya gyara amsa ko a goge ta. Mai yiwuwa matar ta riga ta ga ta farko, to idan ka kira ta ka ba ta haƙurin wannan ma.

Ka ce bayan la'asar, to ka kira bayan la'asar. A wayar ma saurare ne aikinka, kada hujjojin da ka soke su dawo ta baki. Mai sharhi yana da ikon sauya rubutunsa da taurarinsa duk lokacin da ya so, wasu kuma sukan yi da kansu. Kada ka ce za ka mayar mata da kuɗi da sharaɗin ta goge. Google ya hana ba da wani abu domin a sauya ko a cire sharhi, kuma hoton saƙon zai iya yawo a gari. Idan ta sake rubutu da zafi, kada ka shiga zagaye na biyu a fili.

Idan lamarin bai zo kamar misalinmu ba

Wani lokaci kwastoman ne bai faɗi daidai ba. A ce ta rubuta an kawo roba 30, alhali an ƙirga 40 a gabanta. A nan ba za ka karɓi laifin da ba ka yi ba, domin shi ma ƙarya ne. Faɗi gaskiyar sau ɗaya, ba ado, ba "ke ce": "A littafinmu roba 40 aka miƙa. Bari in kira ki mu duba inda aka samu bambanci." Sauran abin da ta faɗa wanda yake gaskiya, karɓe shi tukuna kafin wannan jimla.

Idan tauraro ɗaya aka bari babu rubutu, layi biyu sun isa: ka ce ka gani, kana so ka ji abin da ya faru, ga lambar shago. Kada ka yi ta hasashen laifinka a fili.

Idan kuma ka bincika littafi da saƙonni ba ka ga alamar mutumin ya taɓa ciniki da kai ba, ko rubutun zagi ne tsantsa, ko ya ruɗa ka da wani shago mai irin sunanka, danna ɗigo ukun da ke gefen sharhin ka zaɓi `Report review`. Google yana cire abin da ya saɓa wa ƙa'idarsa ne kawai, ba ya cire sharhi don ya yi zafi ko don kai ba ka yarda da shi ba, kuma dubawar takan ɗauki kwanaki. Kafin nan ka bar gajeriyar amsa: "Mun duba ba mu ga wannan oda a littafinmu ba. In da wani suna aka yi ta, a kira lambar shago a faɗa mana ranar, mu bi sawu." Ko kana da yaƙinin maƙwabcin shagonka ne ya sa aka rubuta, kada ka ambaci maƙiya ko 'yan hassada a cikin amsar, domin ba ka da hanyar nuna wa mai karatu hujjar hakan.